Ruwa, fitsari, ƙarin labari ɗaya: yadda za a shawo kan jan ƙafar yaro a lokacin barci

Kin kwantar da ita, kin rufa mata bargo, kin kai bakin ƙofa. "Mama, ruwa." Kin kawo. "Mama, fitsari." Kin kai ta, ɗigo biyu ta yi. "Mama, bargon ya karkace." Kafin ki ankara awa biyu sun tafi, murya ta ɗaga, ita tana kuka, ke kuma ranki a ɓace. Duk wanda ya yi renon ɗan shekara biyu ko uku ya san wannan dare.

Abin da nake so iyaye su riƙe shi ne, jan ƙafar nan yawanci daga wuri biyu yake fitowa. Ko dai an kwantar da yaro a lokacin da jikinsa bai shirya yin barci ba, ko kuma ya gano cewa "a'a" ɗinku takan koma "to" idan ya matsa. Kowanne da maganinsa, kuma jerin yana da muhimmanci: agogo ake fara gyarawa, sannan tsarin yamma, sannan abin da ke faruwa a bakin ƙofa. Wanda ya fara da tsanantawa a bakin ƙofa alhali yaro ba ya jin barci, zai sha wahalar banza, ya kuma wahalar da yaron.

Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce yarinya ce da ta kusa cika shekara uku. Tana tashi ƙarfe 7:00 na safe, tana barcin rana daga 2:00 zuwa 4:30, ana kwantar da ita 7:30 na dare, amma ba ta yin barci sai 9:30. Awa biyun nan da ke tsakani su ne filin ruwa da fitsari da bargo.

Mataki na farko: mako guda na rubutu, ba tare da canza komai ba

Ku samu takarda ku rubuta abu huɗu kowace rana: lokacin da ya farka da safe, lokacin da barcin rana ya fara da lokacin da ya ƙare, lokacin da aka kashe fitila, da lokacin da barci ya ɗauke shi da gaske. Na ƙarshen ne ya fi daraja, kuma shi ne iyaye suka fi yin kuskure a kansa idan daga ka suke faɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin awa 24, ɗan shekara uku zuwa huɗu kuma awa 10 zuwa 13. A lura, lissafin ya haɗa har da barcin rana. Yanzu mu auna yarinyarmu: awa tara da rabi da dare, awa biyu da rabi da rana, jimla awa 12. Ashe barcinta bai gaza ba ko kaɗan. Tana samun abin da jikinta ke nema, sai dai ta ci wani kaso mai yawa da rana, kuma ta farka 4:30, awa uku kacal kafin a ce ta sake kwanciya.

Jikin mutum yana tara nauyin barci ne gwargwadon tsawon lokacin da ya yi a farke. Yawancin yara masu wannan shekaru da ke barcin rana sau ɗaya suna buƙatar kimanin awa biyar, wasu har shida, tsakanin farkawa daga barcin rana da barcin dare. Akwai kuma wani abu da ke ba iyaye mamaki: awa ɗaya ko biyu kafin lokacin barcin da jiki ya saba, agogon cikin jiki yakan ƙara wa mutum kuzari. A wannan tsakanin ne za ki ga yaro yana tsalle a kan gado yana ƙyalƙyala dariya. Idan a nan aka kwantar da shi, kamar an ce wa babba ya kwanta ƙarfe bakwai ne ya yi barci dole.

Ga yadda ake bambance yanayin biyu. Yaron da aka kwantar da wuri yakan kasance cikin fara'a, yana hira, yana waƙa, yana ƙirƙiro buƙatu cikin nishaɗi, kuma kusan lokaci ɗaya yake yin barci kowane dare ko da yaushe aka kwantar da shi. Yaron da aka makara wajen kwantarwa kuma, ya gaji ya wuce misali: yana tuntuɓe, yana kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba, da rana yana gyangyaɗi da zarar an zauna, da safe sai an yi fama kafin ya tashi. Shi wannan kwantar da shi ake yi minti 20 ko 30 kafin lokacin da aka saba. Yarinyarmu tana cikin kashin farko.

Mataki na biyu: gyara agogo

A fara da safiya. Lokacin tashi ya zama ɗaya kowace rana, har ranakun hutu, bambancin kada ya wuce rabin awa. A buɗe labule, haske ya shiga, domin hasken safe ne ke saita agogon jiki. Sai barcin rana: na yarinyarmu ya dawo 1:00 zuwa 2:30, kuma a tashe ta idan lokacin ya cika. Na san tayar da yaro mai barci yana da ciwo, musamman ga uwar da sai a lokacin take samun sararin numfashi. Amma awa ɗayan da aka bari da rana, da dare ake biyanta.

Sai dabarar da ta fi ba mutane mamaki: a jinkirta kwanciya na ɗan lokaci. Tunda 9:30 take yin barci, a daren farko a kashe fitila 9:15. Dalilin shi ne, a wannan lokacin barci ya riga ya cika mata ido, za ta tafi cikin minti 15 ko 20, ba ta da sauran ƙarfin doguwar ciniki. Cikin 'yan kwanaki jikinta zai sake haɗa gado da saurin barci, maimakon gado da fafatawa. Idan ta yi dare biyu ko uku a jere tana barci cikin minti 20, a matso da lokacin da minti 15: 9:00, sannan 8:45, haka dai. Idan aka matso aka ga ta koma juye-juye na fiye da rabin awa, an yi sauri, a koma matakin baya a ɗan ƙara kwanaki.

Ina za a tsaya? Lissafi ne mai sauƙi. Buƙatarta awa 12, an ba ta awa ɗaya da rabi da rana, saura awa goma da rabi. Daga 7:00 na safe a ƙirga baya, an samu 8:30. Ke nan a kashe fitila wajen 8:15. Iyayen sun so 7:30, amma wannan jikin ba zai ba su 7:30 ba sai ranar da ta daina barcin rana gaba ɗaya, abin da yakan faru tsakanin shekara uku da biyar.

Mataki na uku: awa ɗaya kafin kwanciya

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. A kashe talabijin, a ajiye waya, a rage hasken ɗaki. Haske mai ƙarfi da dare yana danne melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki dare ya yi, kuma idon ƙananan yara ya fi na manya jin wannan tasiri. Wasan guje-guje da cakulkuli a yi su tun da sauran lokaci. Abincin dare ya wadatar, kada a ba shi abin sha mai sinadarin kafeyin da ke hana barci, irin su shayi da kofi, da yamma. Idan akwai wanda yake dawowa gida a daidai wannan lokaci, ya shigo cikin tsarin a natse, ya karɓi karatun labari misali, kada ya ɗaga yaro sama ya farfaɗo da wasa.

Mataki na huɗu: tsarin kwanciyar kansa

Minti 20 zuwa 30 sun isa, ko 40 idan da wanka. Abu huɗu ko biyar, a jeri ɗaya, kowane dare, kuma tafiyar ta nufi gado kawai: daga banɗaki zuwa ɗaki zuwa gado, babu komawa falo. Na yarinyarmu zai iya zama haka: 7:45 wanka ko wanke fuska da hannu, sai goge haƙora da zama a kan fo, sai kayan barci, sai labari biyu a kan gado, sai runguma da kalmar sallama, 8:15 a kashe fitila. Abin da ta fi so shi ake ajiyewa a ƙarshe, domin shi zai ja ta ta wuce goge haƙoran da ba ta so.

Sirrin tsarin yana nan: duk abin da ta saba roƙo bayan an kashe fitila, a shigar da shi ciki tun kafin ta roƙa. Ki tuno su ɗaya bayan ɗaya. Ruwa? Kurɓi na ƙarshe ya zama mataki, ko a ajiye ƙaramin kofi mai murfi kusa da ita. Fitsari? An riga an je, an kuma faɗa da baki: "Wannan shi ne fitsarin ƙarshe." 'Yar tsana, bargo, buɗe ƙofa kaɗan, duk a kammala su. Amfanin wannan ya fi komawa kanki: idan ta kira daga baya, zuciyarki ba za ta yi ta raya miki cewa wataƙila ƙishirwa ce ta gaske ba, kuma wannan kokwanton ne yake karya yawancin iyaye.

Ɗan shekara biyu yana cikin shekarun "ni zan yi da kaina". A ba shi iko a inda ba ya cutarwa: "Rigar nan ko waccan?" "Wane littafi za mu fara?" Zaɓi biyu, ba buɗaɗɗiyar tambaya ba. Kada a ce "Za ka kwanta yanzu?" domin tambaya ce da amsarta a'a. A ce "Lokacin wanka ya yi." Yawan labari kuwa a tsayar da shi tun kafin a buɗe littafi, ta zaɓo biyun da hannunta, sauran su koma wurinsu.

Ina matuƙar son allon hotuna. Ku ɗauki hotonta tana yin kowane mataki, ko ku zana, ku manna a bango daidai tsayinta. Sai tambayar ta zama "Me ya biyo baya a allonki?" Yaro yakan yi gardama da uwa, amma da wuya ya yi da allon da shi ya taya haɗawa.

Akwai buƙatar da ba ruwa ba ce ba fitsari ba, ko da da sunansu take zuwa. Barci rabuwa ce ta awa goma, kuma yaron da bai samu iyayensa sosai da rana ba, da dare yake karɓar bashinsa. Saboda haka mintunan labarin nan su zama nasa ɗungurungum: babu waya a hannu, babu kallon agogo, babu "yi sauri". Minti goma na cikakken hankali sun fi rage kiraye-kiraye fiye da kowace barazana. Sannan a rufe da kalma ɗaya da ba ta canzawa, misali: "Ina sonki, dare ya yi, sai da safe."

Mataki na biyar: bakin ƙofa

A nan ne aikin yake. Ki tuna abin da ya faru a makonnin baya: wani dare kin ƙi sau huɗu, a na biyar kin gaji kin kawo ruwan. Wani dare a na biyu kika kawo, wani kuma a na tara. Darasin da ta koya shi ne, ba a san a kira na nawa ake dacewa ba, don haka a ci gaba da kira. Ladan da ke zuwa jefi-jefi ya fi wanda ke zuwa kullum ɗaure ɗabi'a. Ba wayo ba ne irin na mugunta, haka kowane ɗan Adam yake koyo. Faɗa da tsawa ma lada ne a wurinta, domin sun dawo da ke ɗakin, kin kuma daɗe.

Da rana, ba da dare ba, a gaya mata sabon tsari cikin jimla biyu ko uku. Za ku iya gwadawa da 'yar tsanarta: a kwantar da ita, a yi mata sallama, a fita, a dawo a duba ta.

Hanyar da na fi ba wa iyayen 'yan shekara biyu shawara ita ce ki riga ta. Bayan sallama ki ce: "Zan je in ajiye tawul, zan dawo in duba ki. Ki kwanta shiru." Ki fita na daƙiƙa 30 kawai a daren farko, ki dawo tun kafin ta kira, ki shafa kanta, ki ce "Madalla, kin kwanta shiru," ki sake fita. Sai minti ɗaya, sai biyu, sai biyar. Kowace dubawa kada ta wuce rabin minti. Yanzu zuwanki ya zama ladan kwanciya shiru, ba ladan kira ba. Sharaɗi guda: idan kin ce za ki dawo, ki dawo. Alkawari ɗaya da aka karya yakan rushe aikin mako.

Idan ta sauko daga gado ta biyo ki, ki kama hannunta ki mayar da ita. Karo na farko ki faɗi kalmar sallama. Karo na biyu, "Dare ya yi." Daga nan shiru, fuska a sake, babu wa'azi, babu harara. Daren farko zai iya kaiwa sau ashirin ko fiye, don haka a fara a daren da washegari babu sammako.

Ga wanda ya kai shekara uku yana kuma gane musaya, akwai katin fita, dabarar da masanin halayyar yara Patrick Friman da abokan aikinsa suka wallafa a 1999. Kati ɗaya ake ba yaro kowane dare. Yana iya sayen abu guda da shi, gajere: runguma, kurɓin ruwa, zuwa banɗaki. Ya miƙa katin, shi ke nan, sauran kiraye-kirayen ba a biya musu. Yara da yawa sukan rungume katin su yi ta tanadinsa har barci ya kwashe su. Yarinyarmu tana bakin wannan shekaru, sai a fara da dubawa, a kawo katin bayan wata biyu ko uku idan da buƙata.

Fitsari shi ne makamin da ya fi ƙarfi a hannun mai koyon fo, domin ba wanda ke son hana shi. A amince sau ɗaya, cikin haske kaɗan, babu hira, babu littafi, minti biyu a koma gado. Idan tafiyar ba ta da daɗi, mai buƙatar gaske ne kawai zai neme ta.

Idan kuwa kin saba kwanciya kusa da ita har ta yi barci kuma kina son dainawa, kada ki yanke dare ɗaya. Ki koma kujera a gefen gado, bayan kwana uku ki matsa tsakiyar ɗaki, sannan bakin ƙofa, sannan waje. Wannan yana rage farkawar tsakar dare ma, domin kowane yaro yana ɗan farkawa sau da dama cikin dare, kuma abin da ya yi barci da shi, shi yake nema idan ya buɗe ido. Iyalin da ke kwana ɗaki ɗaya da yaro ma za su iya bin duk wannan, iyakar dai ita ce bayan sallama babu sauran hira.

Abin da za ku gani, da inda ake faɗuwa

Ku sa ran abin zai ƙara tsananta kafin ya lafa. A dare na biyu zuwa na huɗu yarinyarmu za ta iya ƙara murya, ta fito da sababbin buƙatu, har ta kira Baba tunda Mama ta ƙi. Mutum ma idan ya danna makunnin fitila bai kama ba, ƙara dannawa yake da ƙarfi kafin ya haƙura. Wannan alama ce ta cewa ta lura da canjin. Wanda ya sallama a wannan dare ya koya mata cewa sabon farashin shi ne kuka mai tsanani. Shi ya sa duk mai kwantar da ita, uwa, uba ko mai reno, dole su yi magana ɗaya tun kafin a fara. Idan kun san yau ba ku da ƙarfin tsayawa, gara ku amince a roƙon farko cikin natsuwa da ku amince a na goma.

Idan ana bin tsarin ba fashi, yawanci ana ganin sauƙi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Alamar ita ce kira ya ragu zuwa ɗaya ko babu, barci yana zuwa cikin minti 15 zuwa 30, safiya kuma da fara'a. Bayan rashin lafiya, tafiya ko zuwan sabon jariri, abin yakan dawo. A koma tsarin yadda yake, kwana kaɗan yake ɗauka a karo na biyu.

Tsoro daban yake da jan ƙafa. Wajen shekara biyu da rabi zuwa uku tunanin yaro yana faɗaɗa, duhu yana cika da siffofi. Mai jan ƙafa yana sauya buƙata yana leƙen fuskarki. Mai tsoro jikinsa a sandare yake, yana manne miki, abu ɗaya yake maimaitawa. Shi a rarrashe shi, a kunna ƙaramar fitila mai rauni mai launin ɗumi, a bar ƙofa a buɗe, a yawaita dubawa. Kada a kulle yaro a ɗaki, kada a tsorata shi da wani abin da zai zo ya kama shi, kuma kada gado ya zama wurin horo da rana. Tunda zai iya yawo shi kaɗai, a ɗaure durowa da kabad a bango, a kawar da igiyoyi da magunguna. Wanda ya fara haurowa daga gadon jarirai mai shinge, lokacin sauya masa gado ya yi.

Akwai kuma lokacin da matsalar ba ta tsari ba ce. A kai yaro wurin likita idan yana minshari kusan kowane dare, ko numfashinsa yana tsayawa yana shaƙewa cikin barci, ko kullum da baki yake numfashi, domin kumburin naman maƙogwaro ko na bayan hanci yakan jawo haka. Haka nan idan yana sosa jiki ko dubura da dare, yana jan kunne, ko yana kukan ƙafafu yana ta shure-shure, wanda wani lokaci ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki ke kawowa. Kada a ba shi melatonin na kwalba ko wani maganin sa barci sai da umarnin likita. Idan kuma an yi mako uku zuwa huɗu ana bin matakan nan ba tare da wani sauyi ba, a je a ga likitan yara, a tafi da takardar nan ta lokutan barci, domin ita zai fara tambaya.